Layi na Uku

Shekara da shekaru ina koyar da Turanci a Faskari, kuma kuskure ɗaya nake ta gyarawa da jan biro har yatsana ya yi kanta. Ka ba yaro jimla gajera, "Ina jin yunwa," sai ya bi ta kalma-kalma ya rubuto maka I am hearing hunger. Ka gyara masa zuwa I am hungry, ya gyaɗa kai, mako mai zuwa ya sake kawo maka ita yadda take. Kafin ajin ya gane sun fita, an kawo sababbi, an koma farko. Na gaji ƙwarai, shi ya sa na zauna na rubuta ɗan littafi na masu fara koyo: jimlar Hausa a sama, yadda ake faɗinta da Turanci a ƙasa, shi ke nan. Burina bai wuce yaro ya saba da ɗaukar ma'anar jimla gaba ɗaya ba, ya daina ɗebo ta tsinke-tsinke.

Inda zan fara gwada littafin ita ce Islamiyyar unguwarmu, wadda ta buɗe ajin Turanci ranakun Alhamis da Juma'a. Shugabanta kawuna ne, yayan mahaifiyata, kuma ba takardar da ke shiga hannun yara sai ya gan ta. Kawu mutumin karatun zaure ne. A wurinsu ɗalibi yana karanto Larabci gaɓa-gaɓa, malam yana bin kowace gaɓa da Hausarta, ba a tsallake komai. Haka ya karanta littattafansa a gaban malamansa, haka yake karantar da su, kuma a ganinsa wanda ya bar kalma ba fassara ya ci amanar mai littafi. Ba ya jin Turanci, amma ya san baƙaƙen boko, kuma ya iya lissafi.

Na kai masa bayan la'asar. Ya sa tabarau, ya ɗora yatsa a kan "Ruwa ya ɗauke," ya sa na karanta masa The rain has stopped, sannan ya tambaye ni wacce ce "ɗauke" a ciki. Na ce babu ita, Turanci cewa yake ruwan ya tsaya. Ya tambayi inda na kai ta. Na yi bayani har bakina ya bushe, cewa kowane harshe da hanyar da yake bi ya isa wuri guda. Ya saurare ni da haƙuri irin na wanda ya riga ya yanke hukunci, ya juya shafi. A shafin gaisuwa ya tsaya. Na rubuta "Allah ya kiyaye hanya," a ƙasa na sa Safe journey. Ya ƙirga kalmomin da yatsa, huɗu a sama, biyu a ƙasa.

"Bature," in ji shi, don haka yake tsokanata tun ina sakandare, "wacce ce Allah a nan?"

Na ce babu, amma ma'anar ke nan.

"To mi ka bar ma yaran? Ka hidda sunan Allah daga addu'a, ka ce ma'ana ta nan. Wanga ba hwassara ba ce, ragi ne."

A nan kam yana da gaskiya, kuma ban yi gardama ba. Na mayar da ita May God keep you safe on the road, Turanci ne mai kyau, ba wanda zai kushe. Sai dai da wannan gyaran na buɗe wa kaina ƙofa. Kawu ya ce tunda sunan Allah ya samu wuri da na so, sauran kalmomin ma za su samu in na so, ƙiwa ce kawai irin ta 'yan boko. Muka yi ta kai da komo kusan duk damina. Ni da haushi nake zuwa, shi kuwa ko a jikinsa. Mahaifiyata ta aiko a gaya mini in daina ja da yayanta a kan takarda.

Na sauko. Muka tsaya a kan layi uku. Na farko Hausa, na biyu kalma bisa kalma don Kawu ya ga ba a yar da komai ba, na uku Turancin da ake faɗa. Da hannuna na rubuta Water has taken away da God protect road, ina rubutawa raina na ɓaci. Na sa layi na uku da baƙi mai kauri, na kuma rubuta a gabatarwa cewa shi kaɗai za a haddace, na tsakiya tsani ne kawai. Kawu ya sa albarka. Aka buga, aka raba.

A ajin da nake shiga da kaina abin ya ɗan yi aiki, don ina tsaye a kansu. Duk da haka na lura in na ce a rufe littafi, na tsakiyan ne ke fara fitowa daga bakinsu, saboda shi ya yi kama da abin da ke cikin kansu. Sannan aka yi mini canjin wurin aiki, na bar ajin, littafin ya ci gaba da tafiyarsa ba da ni ba. Nakan ji an ce an gan shi a 'Yankara, an gan shi a Ƙanƙara. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Bara wani malamin Islamiyya a Sabuwa ya yi ta kirana a waya, wai ɗalibansa suna son ganin mai littafi. Na shiga mota na je. Ya tarbe ni da fara'a, ya zaunar da ni a gaban aji, ya miƙo mini kwafi don in gani. Siriri ne, ba kamar wanda na sani ba. Da na buɗe sai na ga layi biyu-biyu. Ya bayyana mini, yana alfahari, cewa takarda ta yi tsada, shi ya sa ya kai shagon kwamfuta aka sake bugawa, aka cire gabatarwa, aka cire layin ƙasa tunda maimaici ne. Ya bar wanda ya fi cika, wanda kowace kalma ke da abokiyarta. Ya ce daga nasa ne ma wasu makarantun suka kwafa. A bangon littafin ba a rage komai ba, har da inda aka ce wanda ya rubuta malamin Turanci ne mai dogon aiki.

Malamin Islamiyyar ya ɗaga hannu, yara suka miƙe. Ya ce, "Ina jin yunwa." Aji ya amsa da murya ɗaya, da irin rerawar hadda, I am hearing hunger. Ya ce, "Ruwa ya ɗauke." Suka amsa yadda na rubuta da hannuna, ba su yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya juyo yana jiran yabo. Ban iya yin fushi da shi ba, mutum ne mai ƙoƙari, kuma bai ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba. Gajiya ce kawai ta sauko mini.

Na roƙi alli. Na ce akwai layin da ya faɗi a hanya, su fito da biro su mayar da shi. Na fara daga jimlar farko, ina rubutawa a allo suna kwafa a ɗan filin da ya rage ƙarƙashin kowace jimla. Wasu ba su da biro, suna jiran na kusa ya gama. Muna shafi na huɗu direban da ya kawo ni ya leƙo ta taga ya ce in zan koma gida in taso, ba ya bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Na ajiye allin. Malamin ya rako ni bakin mota yana ta godiya, ya ce in kwantar da hankalina, sauran shafukan duk sun riga sun haddace su.