Rodi Ashirin da Biyu na Benen Gidanmu

A shekarar da soja suka koma bariki aka sa mini ranar aure. Ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Mazugal, gidanmu kuwa a Koki yake, irin gidan gado da ba sauran filin da za a ƙara ko da akurki. Baba ya ce ba inda za ni in kama haya yana raye, sama za a hau. Aka rushe ɗakunan ƙasa biyu na ƙofar gida, aka tayar da su da bulo, saura a zuba dekin a ɗora mini bene a kai.

Ɗan ƙanin Baba ne ya yi zanen, domin aikinsa ke nan a ma'aikatar ayyuka. Ya rubuta tsawon kowane ƙarfe da adadinsa a takarda, a ƙasa ya ce a sayo rodi mai kaurin mili goma sha biyu guda ashirin da biyu. Kafin a fara aikin aka mai da shi Maiduguri, lokacin kuwa ba wayar hannu, in kana son magana da mutum sai wasiƙa. Baba ya je da kansa ya sayo ashirin da biyun. Mota ba ta shiga lungunmu, saboda haka a kura aka turo su, kowanne a lanƙwashe biyu.

Mai ɗaurin rodin dattijo ne daga Ƙofar Na'isa, gajere mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan kada. Tun ranar farko bai kira ni da komai ba sai Ango. Ya zauna a zaure ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya yi ta ƙirga da yatsu. Can ya ɗaga kai.

"Alhaji, ba za su isa ba. Sai an ƙaro biyu."

Baba ya ce, "Yaron nan ashirin da biyu ya rubuta."

"Na gani. Amma takarda ba ta yanka ƙarfe, ni ke yankawa."

Sai ya bayyana mana. Kowane rodi tsawonsa mita goma sha biyu ne. Takarda tana son kala biyar: mai mita biyar guda goma sha biyu, mai huɗu da rabi guda goma sha shida, mai uku da santi arba'in guda ashirin da huɗu, mai biyu da santi tamanin guda takwas, sai mai biyu da santi talatin guda goma. Ya ce masu mita biyar biyu ke fita a rodi ɗaya, mita biyu ta yi saura, za su ci rodi shida. Masu uku da arba'in uku ke fita, su ci takwas. Masu huɗu da rabi biyu-biyu, su ma takwas, amma ragowarsu mita uku-uku ce, ita za ta ba da masu biyu da tamanin ɗin. Ƙananan kuma biyar-biyar, rodi biyu. Shida da takwas da takwas da biyu, ashirin da huɗu ke nan.

Ba wai rodi biyu sun fi ƙarfin Baba ba ne. Shi dai mutum ne da in ya amince da kai, to ya gama. Ɗan ƙaninsa ya yi karatun abin nan, ya ce ashirin da biyu, don haka ashirin da biyu ne. Ya juyo ya dube ni.

"Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, ga naka."

Ranar Laraba ce, an kuma riga an gaya wa jama'ar unguwa cewa Lahadi za a zuba, gudun kada damina ta kankama katakon da zai tallafi dekin yana tsaye. Na ɗauki takarda na tara tsawon ƙarafan duka, suka ba ni mita ɗari biyu da hamsin da tara. Rodi ashirin da biyu kuwa mita ɗari biyu da sittin da huɗu ne. Wato ƙarfen yana nan, har da rarar mita biyar. Na gaya wa dattijon haka ina murna.

Ya yi dariya ya ce, "Ango, da ruwa ne da mun juye. Nuna mini inda zan sa zarto."

Na ce to a rage santi goma-goma a jikin kowanne mana, wa zai sani? Fuskarsa ta canja. Ya ce wannan santi goman shi ne abin da ke hawa kan bango ya zauna, in an rage shi ƙarfe bai kama komai ba, kuma ni da amaryata ne za mu kwana a kai. Na ce to a haɗa guntaye biyu su zama ɗaya. Ya ce haɗi sai an ɗora wani kan wani kamar santi sittin kafin ya riƙe, asarar ta fi ribar, kuma shi ba ya haɗi a tsakiyar ɗaki inda nauyi ya fi yawa. Ya tafi a kan zai dawo gobe da hantsi, ko ya tarar da rodi biyu ko ya tarar da dabara.

Bayan la'asar na zauna a tsakar gida da rula da tsintsiyar kwakwa. Na mai da kowace mita santi biyu, na karya tsinke saba'in daidai da ƙarafan, na ja layi ashirin da biyu a ƙasa da alli. Na yi ta jerawa ina rushewa. Kowane jeri na yi, sai in ƙare da tsinkaye a hannu ba layin da zai ɗauke su. Inna tana gefe tana tsince shinkafa, tana kallona ta wutsiyar ido. Ba ta yi boko ba, amma duk layya ita ake kira ta kasa nama a gidajen dangi, domin kasonta ba a taɓa yin ƙorafi a kansa ba.

Ta ce, "Me ya sa kullum kake haɗa dogwayen nan biyu wuri ɗaya?"

Na ce, "Inna, ai kala ɗaya ne."

"To sai me? Wa ya taɓa zuba cinya biyu a kaso ɗaya? Raba su, ka ba kowanne ƙannensa."

Na ɗauke tsinken mita biyar guda ɗaya, na bar ɗaya a layi. Sauran wuri mita bakwai. Na sa mai uku da arba'in, na ƙara wani, suka zauna, saura santi ashirin kacal. Na ƙirga: dogwaye goma sha biyu, kowanne da ƙannensa biyu, ashirin da huɗun sun ƙare cif a rodi goma sha biyu, inda a da kala biyun nan suke cin goma sha huɗu. Takwas na masu huɗu da rabi suna nan yadda dattijon ya tsara, biyu na ƙanana. Ashirin da biyu. Na miƙe na yi wata ƙara har kaji suka watse. Inna ta ce in ban zauna ba zan zubar mata da shinkafa, amma ita ma dariya take yi.

Washegari na tari dattijon tun daga bakin lungu. Ya tsuguna a kan layukana ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, leɓensa na motsi. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Biyar, da uku da arba'in sau biyu. Kai! Shekara nawa ina wannan aiki." Da na ce masa ba ni ba ne, Inna ce, sai ya ɗaga murya ta bayan labule ya ce, "Hajiya, a gafarta mana, ashe maigidan aikin yana ciki." Inna ta amsa cewa ita dai a sa mata matakala marar tsayi saboda gwiwarta.

Na ɗauko zarto ina rawar jiki, ya riƙe hannuna.

"Tsaya. Ka auna rodin?"

"Ai mita goma sha biyu ne."

"Sunansa ke nan. Mu ma ƙafa arba'in muke ce masa, bai kuwa kai ba. Lissafinka santi ashirin kawai ya bari, in rodi ya gaza da fiye da haka, na ƙarshen zai fito guntu."

Babu tsakar gidan da zai ɗauki tsawon nan a unguwarmu, saboda haka a lungu muka shimfiɗa su. Shi da abokin aikinsa suka miƙar da kowanne, suka daddake gwiwar da guduma a kan dutse har ta kwanta. Masu wucewa suna tsallakawa suna yi mana sannu, mai kura ɗauke da jarkokin ruwa ya tsaya ya jira, liman ma da ya fito ya riƙe mana bakin tef. Goma sha tara suka cika. Ɗaya ya gaza da santi goma, wannan ba damuwa. Biyu kuwa sun gaza da santi arba'in-arba'in.

Dattijon ya ja gajerun biyu gefe ya shafa musu alli.

"Ƙananan nan biyar-biyar, nawa suke ci?"

Na ce, "Goma sha ɗaya da rabi."

"Waɗannan fa?"

"Goma sha ɗaya da sittin."

"To ka ga nasu. Da ka fara yanka ba awo, da ka saka dogo a cikinsu."

Kafin a taɓa zarto sai da ya sa aka zana wa kowane rodi alamarsa da alli daga farko har ƙarshe, ni ina karantawa shi yana aunawa, ya sake bi da tef a karo na biyu. Sannan aka fara yanka. Yini guda ana jin kukan zarto a lungun, ana tara kowace kala wuri ɗaya. Ni ma na karɓa na yanka uku, tafina ya yi bororo. Da yamma abin da ya rage guntaye ne kamar tsawon taƙi, ba su cika kwanon sarki ɗaya ba. Baba ya ɗaga kwanon ya jijjiga, ya zagaya da shi yana nuna wa maƙwabta, yana ta murmushi. Maƙwabcinmu mai awaki ya roƙi huɗu zai yi turke.

Juma'a da Asabar suka shimfiɗa ƙarafan a kan katako suka ɗaure da waya, suka ɗaga su da 'yan duwatsun siminti don kankare ya shiga ƙarƙashi. Ba ƙarfe ɗaya da ya gaza kaiwa kan bango. Ranar Lahadi tun bayan asuba unguwa ta fito. Ana kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa a ƙofar gida, kwanon sarki yana tafiya hannu zuwa hannu har sama, wani yana ba da waƙa ana amsawa. Abokaina malaman makaranta da ba su taɓa ɗaukar abin da ya fi rajista nauyi ba suka yi buɗu-buɗu da siminti, har hedimasta. Kafin azahar aka shafe.

Aka fito da shinkafa da wake a manyan faranti, da mai da yaji, muka zauna a inuwar bango muna ci da hannuwan da sabulu ya kasa wankewa. Dattijon ya ce in tabbata na riƙa ba dekin ruwa safe da yamma har mako guda, kada kuma kafinta ya taɓa katakon ƙasa sai bayan mako uku. Na ce na ji. Ya ce bai yarda da ango ba, hankalinsa ba ya jikinsa, ya maimaita wa Baba. Kowa ya fashe da dariya, hedimasta har ya ƙware, aka miƙa masa ruwa.