Shagon da Yaya ya yi mini alkawari

Ban yi boko ba, amma na auri malamin jami'a mai koyar da shari'a a Samaru. Ya rasu bara, kuma har yau in na ji tsayuwar mota a ƙofar gida sai na yi kuka. Jikata ce ke rubuta wannan.

Lokacin da matar wansa ta kwanta ciwo a Sabon Gari, ni na tare can na yi jinyarta har ta miƙe. Bayan ta warke, Yaya, wan nasa, ya ce mini a gaban mutane, "Shagon ƙofar gidan nan naki ne, da zarar telan da ke ciki ya tashi." Telan bai tashi ba.

Malam ya ɗauki maganar ya yi wa ɗalibansa jarrabawa da ita, ya ɓoye sunaye. Amsarsa: kotu ba za ta tilasta cika alkawarin ba. Sai ɗalibai suka yi ca. Wasu suka biyo shi har gida, cikinsu da ɗan Yaya, wanda ya fi kowa ɗaga murya.

"Baba, matar nan ta wahala fa! Ai ka ce akwai inda aikin baya yake cin lada."

"Akwai," in ji Malam. "In an roƙi mutum ya yi, kuma kowa ya san za a biya."

Ina ajiye musu kunu ya juyo. "Hajiya, Yaya ya roƙe ki ki je jinyar nan?"

"Haba Malam! Sai an roƙe ni? Ni baƙuwa ce?"

"Kin sa ran lada?"

"Wurin Allah."

"To kun ji," ya ce. Na koma ɗaki ina jin daɗi, na zaci yabona aka yi.

Washegari ya rubuta wa ɗalibai takarda, ya fassara mini kafin ya liƙa. Ya ce amsa tana nan yadda take. Yarjejeniya ba ni gishiri in ba ka manda ce, kowa ya ba da nasa saboda na ɗan'uwansa. Jinya ta riga alkawari, ba wanda ya nema, don haka alkawarin godiya ce kawai. Tausayi kuma ba ya cikin makin.

Yaya ya rasu, Malam ya bi shi. Bana telan ya tashi. Na je Sabon Gari da niyyar in sa 'yar tireda in riƙe kaina. Ɗan Yaya, lauya yanzu, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce shagon na magada ne, ko a Musulunci kyautar da ba a karɓa ba ba ta tabbata ba. Sannan ya bayyana mini sauran, dalla-dalla, da muryar Malam.

Bai yi kuskure ko ɗaya ba. Na sa masa albarka, na fito na tari Keke Napep. Wani mai cajin waya ne a shagon yanzu.