Takalmin da Koma-Baya Bai Gani Ba

Shagon ɗinkina bango ɗaya ne da gidan kallo, shi ya sa na san Koma-Baya tun gemunsa na baƙi. Aikinsa fassara fim da lasifika, amma ba don wannan ake cika benci ba. Idan fim ɗin bincike ya ƙare, aka gano mai kisa, sai ya ce kowa ya zauna, ya mayar da faifan baya, ya riƙa tsayar da hoto yana nuna inda aka binne kowace alama. Daga nan sunan ya bi shi.

"Mai fim na gaskiya ba ya ɓoye maka komai," in ji shi. "A gabanka zai ajiye abu, sai ya sa wani ya yi ihu a gefe don ka waiga."

Da wannan ya ciyar da iyalinsa. Sai idonsa ya fara mutuwa. Ni da matarsa kawai muka sani, don mai gidan kallon ba zai riƙe mai fassarar da ba ya gani ba, Koma-Baya kuwa ko ɗinkin maɓalli bai iya ba. Ya lallaɓa da tsofaffin finafinan da ya haddace, har ranar da maigidan ya kawo sabo.

A gida suka kalle shi, matar tana gaya masa abin da ke allo, ita da ko labarai aka sa sai ta yi gyangyaɗi. Ta yi iya ƙoƙarinta: wane ya shigo, wance na kuka. Sai dai abin da ya ɗauki hankalinta take faɗa, alama kuwa ana ajiye ta ne daidai inda hankali ba ya zuwa.

Na rufe shago na shiga kallon la'asar. A fim ɗin, an kashe wani attajiri a saman bene. Kowa ya zargi ɗansa, don sun yi cacar baki kan gado. Ashe ƙanen mamacin ne, wanda ke zaune a keken guragu alhali ƙafarsa lafiya lau.

Koma-Baya ya mayar da faifan, yana bin sauti da kunne. Ya sa aka sake jin kukan matakala lokacin da duk 'yan gidan ke kan tebur, ban da mai keke da aka ce yana barci. Ya kai wurin da ƙanen ya ce, "Allah sarki, ko shayinsa bai shanye ba," alhali ba wanda ya gaya masa akwai kofi a ɗakin da ba ya iya hawa. Mutane suka fara jinjina kai. Na ce a raina ya tsira.

"Rigimar ɗan kuwa tarko ce, don ku bi ta ku ɓata," ya ce. "Amma mai fim ya cuce mu a wuri ɗaya. Ko sau ɗaya bai nuna mana mutumin nan yana taka ƙasa ba." Ya tsayar da hoton a tsakiyar cacar bakin. "Ku dubi fuskar ɗan nan, yadda aka cika ta da fushi."

Babu fuska a allon. Yayin da ɗan ke ihu, kyamara ta sauko ƙasan keken, ga takalmin gurgun ya cika allo, dunduniya a cinye, da ɗanyen taɓo a jiki. Koma-Baya na tsaye yana nuna shi da yatsa.

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta. 

Da aka watse, maigidan ya zaunar da shi, ba faɗa.

"Baba, ashe ni ma a gabana aka ajiye. Ka daina karanta bayan faifai, ka ce rubutun yanzu ƙanana ne. Ka koma shigowa kana shafa bango. Ba ka gaishe ni sai na yi magana."

"Ka iya aikin," in ji Koma-Baya. Ya lalubi tebur ya ajiye lasifikar.

Yanzu a bencin shagona yake wuni. Sautin fim na ratso bango, yana motsa baki a hankali. Matarsa ta daina kunna talabijin. Jiya aka sake sa fim ɗin, da ihun ɗan ya taso sai ya juyo wajen ƙarar keken ɗinkina.

"Tela, taɓon nan da ka ce ka gani a takalmin, a ƙafa ɗaya yake ko duka biyun?"

Na ce duka biyun. Ya gyaɗa kai, ya ce mai fim ɗin ya yi adalci.