Gyara a Ƙarƙashin Kuskurena

Da furfurata na koyi rubutu, na kuwa tsani a ga kuskurena. Ina ungozomar ƙauyenmu na raka wata mai jego asibiti a Malumfashi, na miƙa rahoto cewa babu maganin da jikinta ya ƙi. Muna fitowa surukarta ta ce penisilin na kumbura mata fuska. Na koma da gudu zan murje layin.

"Kul, Inna!" in ji nas. "Likita ya riga ya karanta. Bar shi yadda yake, rubuta gyaran a ƙasa."

Na rubuta gyaran da dalilinsa, na sa kwanan wata da lokaci, na sa hannu. Da kaina na tare likita da takardar. Ya karanta duka biyun, ya hana allurar da har an zuƙo.