Dikko Ya Raba Ɗalha da Sirikinsa

Maƙwabcina Dikko yana da shagon hoto kusa da kasuwar Kusada, kuma a nasa faɗin shi gwanin kwamfuta ne.

Rannan ina zaune a shagon sai Malam Ɗalha ya kawo hoton bikin ƙanensa, yana son a cire masa fasfo a ciki na takardar takin gwamnati. Dikko ya goge sirikin Ɗalha da ke tsaye a gefensa a hoton, amma ya manta bai janyo gefen hoton ya datse farin wurin ba. Fasfo ya fito rabinsa fili ne, Ɗalha maƙale a lungu, kansa kamar ƙwayar gyaɗa.

Ɗalha ya ce, "Kai Dikko, wannan fegin fa?"

Na ce, "Malam, gonarka ce aka haɗa maka."

Sai da mai karɓar takardu ya koro Ɗalha sannan gwanin namu ya datse filin, aka karɓa.