Haƙarƙarin Babur Ɗina

Daga Kusugu har bakin iyaka ta Mai'adua, ba a haifi wanda ya fi ni sanin cikin inji ba. Tarin babur kawai nake ji in faɗa maka ciwonsa.

Shi ya sa da nawa ya fara zafi a damina, yana mutuwa a hanya, ban nemi shawarar kowa ba. Ka san haƙarƙarin nan na ƙarfe da ke jere jikin silinda? Na san ta nan zafi ke fita, don suna ƙara wa iska wurin taɓawa. Na ce to, in gajeru sun yi aiki, dogaye sai su kawo sanyin firji. Na sa mai walda ya ɗora wa kowane haƙarƙari falle na langa-langa mai tsawon taki. Babur ya koma kamar bushiya.

Ana jibi zan kai surukata bikin suna a Zango, ya mace mini sau uku kafin in fita gari. In ya yi haka tana bayana, har jikokina sai sun ji labari. Dole na tura shi wurin taubashina, bakanike ne.

Ya zagaya shi sau biyu. "Injiniya, tashi sama zai yi?"

"Gyara za ka yi ko gori?"

Ya tayar da injin ya bar shi ya ɗau zafi, ya ɗiga ruwa a gindin haƙarƙari. Cuuu! Sannan ya ce, "Kama bakin fallenka."

Na kama da addu'a. Ɗumi-ɗumi, kamar kunun da ya fara hucewa.

"Ka gani? Daga gindi zafi ke tafiya, iska na zarensa a hanya. Ga fallenka siriri, ba ya ɗaukar da yawa. Kafin ya kai baki ya ƙare. Ƙarfen da bai fi iska zafi ba, me zai ba ta? Haƙarƙari na kirki shi ne wanda bakinsa ya kusa gindinsa zafi, duk jikinsa na aiki. Masu ƙerawa ba rowar ƙarfe suka yi ba."

Ya zura sukundireba tsakanin haƙarƙarin asali, sai ga busasshen taɓo da baƙin mai suna zubowa, abin da zai isa yaɓen ɗaki.

"Ciwon ke nan tun farko. Injin ya saka bargo, kai kuma ka kafa masa danga ta tare iska."

Da hannuna na ɓamɓare fallayen, na ƙwaƙule kowane lungu, na wanke da kananzir.

Ranar suna babur ya yi ta gudu kamar an biya shi. Rana tsaka, ga surukata, ga kwano uku na tuwo, ko tari bai yi ba. Na sauke ta ƙofar gida mata na guɗa. Wai ta jariri ce, amma ni na san rabina ne.

Da la'asar na biya garejin taubashina ina kaɗa makulli. "Ka ji aikin injiniya?"

Ko kai bai ɗago ba. "Na ji. Ka gyara ɓarnar wani wawa. Ka san shi?"