Man Gyaɗar Delu da Rijiyar Lambu

A Mirriya, in aka ce Delu mai mai, ba wanda zai tambaya wace ce. Shekara talatin da 'yan kai tana soya gyaɗa, ta kai niƙa, ta dawo ta murza da ruwan zafi har mai ya taso. Ba ta taɓa shiga lekol, makarantar boko, ba. Mijinta, Malam Yakuba, ya rasu ya bar musu lambu mai rijiya da mangwaro bakwai a gefen gari. Tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, shi ne rabonta, Ramlatu 'yarta ta samu nata, sauran duka, har da gefen rijiyar, ya faɗa hannun Mutari.

Mutari ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kuma saba zama ta ja magana da shi ba. Wannan alkunyar ce ta yi mata nauyi a shekarar da ya dawo daga haƙar zinariya a arewa, da miliyan guda a ɗaure da kuma aboki mai suna Faruk.

Faruk ya taɓa aiki da wani furoje na raya karkara a Damagaram, ya iya tsara takarda. Takardar da ya kawo ta ce a sayi injin tatsar mai na miliyan biyu. Tiyar gyaɗa jika guda, wato sefa dubu, tana ba da lita guda, ana sayar da litar jika da ɗari takwas. Riba ɗari takwas ke nan, kashi arba'in da huɗu cikin ɗari. Cikon miliyan ɗin kuwa, da ɗan abin sayen gyaɗa, daga lambu za su fito: Alhaji Mai Nasara, maƙwabcin lambun, ya daɗe yana zagaya rijiyar nan da ido.

Da hantsi suka same ta tana tsame ƙuli daga kasko. Faruk ya durƙusa ya gaishe ta, ya karanta mata takardar da murya irin ta rediyo. Ta saurara har ya gama.

"Ɗan nan, a wane wata ka tambayi kuɗin gyaɗa?"

"Da kaka, Inna."

"Man fa?"

Faruk ya duba takarda. "Wannan a kasuwar Dole ta Damagaram na gani, watan jiya."

"Watan jiya bazara ce. Ka saye ta da kaka, ka sayar da bazara, duk a rana ɗaya? Wannan inji naku har watanni yake niƙawa?"

Ramlatu, wadda ke tsinke ƙuli a faranti, ta ƙyalƙyale da dariya. Mutari ya haɗe fuska.

Delu da dala take lissafi kamar kowa a kasuwa, dala ɗaya sefa biyar, amma ranar ta juya komai zuwa sefa don su iya dannawa a waya. Ba ta kalli ɗanta ba, kaskon take kallo.

"Ku bar miliyan, ku ɗauki tiya ɗaya. Da kaka na saye ta jika. Itace saba'in da biyar, niƙa ɗari, gora da mota saba'in da biyar. Jika da ɗari biyu da hamsin. Man kuwa lokacin jika da ɗari biyu ake saye, don kowace mace tana yi. Kun ga mai bai ma mayar da kuɗinsa ba. Ƙuli ne ke kawo ɗari uku da hamsin, in ci ɗari uku. Da bazara mai ya hau jika da ɗari takwas, gyaɗa ta bi shi ta kai jika da ɗari shida. Tazarar ba ta canzawa."

"Wannan aikin hannu ne," in ji Mutari. "Inji daban."

"To, mu ɗauki injin. Ya fi ni matsa, na ba shi ƙarin man ɗari, jika da ɗari uku. Amma tunkuzarsa a bushe take fita, ba ta ƙuli, sai dabbobi: ɗari da hamsin. Gazuwal ɗin da zai sha ɗari, mai tsayawa a kansa saba'in da biyar, don shi ba uwar kowa ba ne da zai yi kyauta. Gora da mota saba'in da biyar. Danna ka gani."

Ramlatu ce ta danna. "Ɗari biyu ya rage, Inna."

"Ɗari biyu a tiya. Miliyan biyu kuwa tiya dubu goma ke nan. Ranar Lahadi, ranar kasuwa, duk mu masu mai muna rige-rigen mai saye, ga man jarka na Najeriya ya fi namu araha. In ka sayar da na tiya sittin a mako, ka yi ƙoƙari. Shekara uku da wani abu kafin inji ya biya kansa, in bai lalace ba, in kuma ba ka ci ko dala a ciki ba."

Faruk ya ce ai sai a sayi gyaɗar shekara tun da kaka a ajiye. Delu ta ce gaskiya ne, haka manyan 'yan kasuwa ke cin ribar da ya rubuta. "Tiya dubu uku, miliyan uku. Kuna da wani lambun?"

Mutari ya miƙe yana karkaɗe wando. "Inna, shekara talatin kina wannan lissafi, me kika tara? Kasko biyu da ciwon kafaɗa."

Da wani ɗan ne, da ta bi shi har zaure ta kama rigarsa. Wannan kuwa sai ta aika ƙanin babansa ya yi masa magana. Baffan ya dawo ya ce yaro ya ga duniya, takarda kuma ba ta ƙarya, mata su bar maza da harkar maza. Kafin damina ta sauka an kira shaidu, Alhaji Mai Nasara ya ja shinge, rijiya ta koma cikinsa.

An kafa inji da kaka, unguwa ta cika da ƙara da 'yan kallo. Gyaɗar da Mutari ya iya saye ta ƙare cikin wata biyu. Daga nan sai ya dinga sayen ta mako-mako, farashi na hawa, man na bin sa da tazarar nan da aka faɗa masa. Yana ci a ciki kuma, don yana da mata da 'ya'ya. A wata na bakwai ƙarfen matsar ya karye, makanike ya ce jika ɗari da tamanin, ribar tiya ɗari tara. Faruk tuni ya samu wani aiki a Yamai. Inji ya kwana wata huɗu a rufe da tamfol, sannan wani mutumin Tirmini ya ɗauke shi a ƙasa da rabin kuɗinsa.

Mutari bai zo ya ce mata ta yi gaskiya ba. Ita ma ba ta so ya zo ba, don ba ta san inda za ta ajiye idonta ba. Ya bar mata matarsa da yara uku, ya hau motar Agadas, ya koma haƙar zinariya.

Yankin da ya rage musu ita da Ramlatu ba shi da ruwa. Shekarar farko Alhaji ya bari su ɗiba daga rijiyar, shekara ta biyu ya sa injin ban ruwa da ƙofar kwano mai kwaɗo. Albasa ta ƙi, yakuwa ta ƙi, mangwaro biyun da suka faɗo a ɓangarensu suka fara zubar da ganye. Delu ta yi sallama a ƙofar Alhaji wata safiya, ta zauna a bakin tabarma, ta tambaye shi nawa zai ba su su bar masa sauran.